Shafuka 34 na manya, minti 40 da 'yan SS2: ta ina zan fara sauya harshen?

Hadiza Nas: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawara, musamman daga malaman makaranta da ke cikinmu. Bayan da aka sa hannu a dokar gwajin lafiya kafin aure a Kano a 2024, mun shirya taron bita a kan sikila don limamai da masu unguwanni da iyaye. Ni na rubuta shafukan da muke haskawa da majigi, guda 34, da Hausa, kuma awa uku muke yi. Yanzu wata makarantar 'yan mata ta gayyace ni in yi wa 'yan SS2 bayani ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, an ba ni darasi ɗaya, minti 40. Jiya na zauna in rage shafukan, sai na ga ba yawansu kaɗai ne matsalar ba. Maganar ce gaba ɗaya ba tasu ba. Ga shafi na 9 yadda yake, shi ne ƙashin bayan taron:

"Idan ma'aurata masu ɗauke da ƙwayar cutar suka yi aure, akwai yiwuwar kashi 25 cikin ɗari na zuriyarsu su kamu da cutar."

Dattawa sun ji wannan sun gyaɗa kai. Yarinya 'yar shekara 16 fa? Don Allah wanda ya taɓa irin wannan aiki ya taimaka mini.

Abban Khalifa: Wa alaikumus salam Malama. Ni a ganina abin bai kai haka ba. Tunda da Hausa ne ai an gama. Ki rage rubutu, ki ƙara hotuna masu launi, ki ƙara girman haruffa. Yaran yanzu hoto suke so.

Malam Sabo Bayoloji: Wa alaikumus salam. Shekarata 17 ina koyar da Bayoloji a babbar sakandare, bari in sa baki. Abban Khalifa, rage rubutun daidai ne, amma hoto ba zai gyara jimlar nan ba. Malama Hadiza, ki yi haƙuri, jimlar tana da rami uku, kuma ina zaton dattawan ma sun faɗa ciki, kawaici ne ya hana su nunawa.

Na farko "ƙwayar cuta". A kunnen kowane Bahaushe ƙwayar cuta ita ce abin da ke shiga jiki daga waje, ta tari ko ruwa ko cizon sauro. Kika haɗa ta da "kamu" kuwa, kin gama gaya wa yarinya cewa ana ɗaukar sikila kamar mura. Babba zai iya gyara wannan a ransa domin ya ga masu sikila a dangi shekara da shekaru, ya san ba a ɗauka. Yarinya kuwa gobe za ta ja kofinta daga hannun ƙawarta. Ki cire kalmomin nan biyu daga duk shafukan, ki sa "gado". Ana gadonta, ana haihuwar mutum da ita.

Sai "masu ɗauke da". Mai AS, wato wadda ta gaji S na sikila daga ɗaya cikin iyayenta kawai, ba mara lafiya ba ce, mai SS ce ke da ciwon. In kika ce tana ɗauke da cuta, kin aika 'yan mata da yawa gida da ciwon da ba su da shi.

Na ukun shi ne babba, "kashi 25 na zuriyarsu". Wannan ba sauƙaƙawa yake buƙata ba, gyara yake buƙata, don ba haka lissafin yake ba. Zan dawo kansa bayan Azahar.

Hadiza Nas: Malam na gode ƙwarai. Wallahi sau fiye da goma na karanta jimlar nan a gaban jama'a ban ji "kamu" ɗin ba sai yanzu. Ina jiran ragowar.

Bashir Dorayi: Anti in dai wurin gwaji kike nema ai kusan kowane babban asibiti ana yi, kuma ba tsada. Ni nawa O ne.

Hadiza Nas: Bashir ba wurin gwaji nake nema ba, amma ka yi mini amfani ba ka sani ba. O rukunin jini ne, wanda ake dubawa in za a yi ƙarin jini. Jinotaif daban, shi ne AA ko AS ko SS da sauransu. Mutum zai iya zama O kuma AS. A shafukan manya layi ɗaya na ba wannan bambanci, yanzu na ga sai ya ci shafi guda shi kaɗai, tunda harafin A yana cikin duka biyun.

Bashir Dorayi: To ashe ni ma ban san nawa ba ke nan. Zan je in yi.

Malam Sabo Bayoloji: Na dawo. Kafin lissafin, akwai abin da wanda ba ya shiga aji ba zai taɓa hasashensa ba. Za ki tsaya a gaban 'yan SS2 ki ce "masu SS". Ajin zai fashe da dariya, wata ta ce ai dukanmu SS ne. Duk shekara sai an yi mini. Kada ki yi kamar ba ki ji ba, kada kuma ki tsawata. Ki riga su. Tun a shafin farko ki ce, SS ɗin da za mu yi magana a kai ba na ajinku ba ne, na jini ne. Su yi dariyarsu sau ɗaya da izininki, a wuce. In kika bari ta fashe a tsakiyar bayani mai nauyi, wadda ke da sikila a ajin ita za ta ji kamar da ita ake.

Yanzu lissafin. Ki sani cewa darasin gado a manhajar Bayoloji a SS3 yake. 'Yan SS2 ba su kai wurin ba, don haka kada ki zana musu akwatin lissafin gadon jini mai gida huɗu ki ɗauka sun san shi. Kuma akwatin ne ma ke haifar da kuskuren, ana ganin gida huɗu sai a ɗauka 'ya'ya huɗu ne, ɗaya SS, biyu AS, ɗaya AA, kamar rabon gado. Na sha jin babban mutum yana cewa na farko ya zo da ita, to sauran ukun sun tsira. Alhali kowane ciki lissafinsa sabo ne, bai san abin da ya faru da na baya ba.

Ga abin da nake yi. Leda baƙa biyu, ɗaya uwa ɗaya uba. A kowace leda marfin kwalbar lemo biyu, na rubuta A a cikin ɗaya, S a cikin ɗaya. Yarinya ta zura hannu ba ta gani ta zaro ɗaya daga kowace leda, a haɗa, wannan shi ne jariri. A rubuta a allo. Sai a mayar da marafan cikin ledojinsu, a girgiza, a sake. Mayarwar nan ita ce darasin duka, ki sa su faɗa da bakinsu me ya sa ake mayarwa. Ki raba ajin gida goma, kowane gida ya "haifi" huɗu. Za ki ga gidan da bai samu SS ko ɗaya ba, ki ga mai biyu, wani lokaci har mai uku. A lissafi, gidan da zai samu daidai ɗaya cikin huɗun nan bai kai rabi ba, wajen 42 cikin ɗari ne. Wanda ba zai samu ko ɗaya ba wajen 32. Ba sai kin faɗa musu waɗannan alƙaluma ba, allon zai nuna musu.

Shafi na 9 kuwa, ni ga yadda zan rubuta shi:

"Kowane mutum yana gadon harafi ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Idan uwa AS ce, uba ma AS ne, jariri zai iya zuwa AA, ko AS, ko SS. A kowace haihuwa, damar zuwan SS ɗaya ce cikin huɗu."

Jimla uku maimakon ɗaya. Ya fi na da tsawo, ki lura. Sauƙaƙa wa yaro magana ba kullum gajarta ta ba ne, sau da yawa warware ta ne, kowace jimla ta ɗauki kaya ɗaya.

Abban Khalifa: Malam na yarda da ledar. Amma "harafi"? Ai ba harafi ne a cikin jini ba. Kada a je a koya musu abin da malaminsu zai zo yana gogewa a SS3. Me zai hana a ce ƙwayar halitta?

Malam Sabo Bayoloji: Tambayarka tana kan hanya. Akwai sauƙaƙawar da take ƙarya, akwai wadda take rabin hanya. Ce wa yara sikila "ƙarancin jini" ce kawai, wannan sai an goge shi daga baya, kuma yana sa a ɗauka maganin ƙarin jini zai warkar. Amma harafi ba sai na goge ba, in sun zo SS3 sai in ce harafin nan da kuka sani, ga sunansa na kimiyya, in ɗora a kai. Ƙwayar halitta kuwa a Hausa muna kiran abubuwa da yawa da ita, ga ta kuma kusa da ƙwayar jini da ƙwayar cuta. Ƙwaya uku a minti 40, ka rikita su. Malama tana iya faɗa da baki sau ɗaya cewa haruffan suna ne da masana suka sa wa abin da ake gada. Ya isa.

Abban Khalifa: Ni dai har yanzu ina ganin a sa kalmar ko a ƙasan shafi ne da ƙananan haruffa. Yaran da suka fi ƙoƙari za su so su gani.

Maman Ummi: Assalamu alaikum. Tun safe nake karantawa ina ta tunanin ko in yi magana. 'Yata tana da sikila, yanzu tana SS1. Bara wasu suka je makarantarsu da irin wannan majigin. Na san da kyakkyawar niyya suka je. Suka haska hoton yaro kwance a gadon asibiti, idonsa rawaya, aka sa masa ruwa, a ƙasa an rubuta yawan yaran da ba sa kai wa shekara biyar. Ummi tana layi na biyu. Ta ce mini, Mama, ban juya ba amma na ji duk ajin suna kallon ƙeyata. Da ta dawo ba ta ci abinci ba, ta ninke hijabin makarantar ta sa a ƙasan akwati. Kwana uku ina lallashi kafin ta koma. Abin da ya fi ƙona mata rai kuma ba hoton ba ne, wata jimla ce da mai bayanin ya yi ta maimaitawa, wai mu haɗa kai mu daina haifar irin waɗannan yara. Ta tambaye ni, Mama, da kun sani da ba ku haife ni ba?

Malama Hadiza, don girman Allah, duk shafin da za ki rubuta ki ɗauka Ummi tana zaune a layi na biyu.

Hadiza Nas: Innalillahi. Hajiya, Allah ya ƙara wa Ummi lafiya, ya raya miki ita. Na je na duba, shafi na 14 da na 15 nawa kusan irin abin da kika faɗa ne. Ga limamai na sa su don su ji nauyin abin kafin su ɗaura aure, kuma sun yi aiki a can. Na cire su yanzu. Na kuma bi shafukan ina neman "irin waɗannan yara" da "masu fama", na samu wuri shida.

Maman Ummi: Amin, na gode. Kuma ki daina cewa "'yar sikila" kamar sunanta ke nan. Ki ce mai sikila, ko wadda ke da sikila. Ƙaramin abu ne amma suna ji.

Dakta Umar: Hajiya Allah ya ba da lafiya. Ina tare da ke a kan hoton da kuma jimlar nan. Sai dai Malama Hadiza, ina jin tsoron a yi ta tausasawa har yaran su fita suna ganin abin wasa ne. Ciwon in ya tashi ba ƙarami ba ne, mu da muke karɓarsu da tsakar dare mun sani. Dole wani shafi ya faɗi gaskiyar abin da ke faruwa a jiki. Jan ƙwayar jini mai lafiya tana da laushi, tana lanƙwasawa ta wuce ta siririyar jijiya, tana kuma yin kamar kwana 120. Ta mai sikila takan ƙandare ta koma kamar lauje, ta maƙale ta toshe hanya, wurin da jini bai isa ba ya yi ciwo, kuma kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu, shi ya sa jinin ke yin ƙasa. Wannan ba ban tsoro ba ne, bayani ne.

Malam Sabo Bayoloji: Dakta, abin da ka rubuta yanzu ai shi ne shafin, kusan ba sai an taɓa ba. Ka ga ba ka kira sunan sinadari ko ɗaya ba. Gyara ɗaya zan yi, 'yan matan cikin birni da yawa ba su taɓa riƙe lauje ba. Ta zo da shi a jaka ta ɗaga, ko ta ce kamar jinjirin wata. Kwana 120 kuma ta ce wata huɗu, ɗayar kuma ba ta cika sati uku ba. Yaro yana jin tsawon wata huɗu a jikinsa, ya fi zangon karatu ɗaya.

Dakta Umar: Na karɓa. Amma batun mace-mace fa? A bar shi gaba ɗaya?

Maman Ummi: Dakta, wadda ke da shi ta riga ta sani, ba sai an haska mata a bango ba.

Dakta Umar: Ita ta sani, Hajiya. Sauran arba'in ɗin nake ji, waɗanda nan da shekara biyu ko uku za a kawo kuɗin aurensu. Ban ce a sa alƙaluma ba. Amma jimla ɗaya da ke cewa ciwo ne mai haɗari in ba a kula ba, ina ganin haƙƙinsu ne su ji.

Hadiza Nas: Wannan zan kwana da shi, ban yanke ba tukuna. Amma Dakta ka taɓo inda ya fi damuna. Shafuka takwas na ƙarshe duk a kan aure suke: waliyyi ya nemi takardar gwaji, liman ya duba, yadda za a yi in an riga an sa rana. Duk umarni ne ga masu yanke hukunci. Yarinya ba ita ke ɗaura aure ba. In na ce mata "kada ki auri AS" me na ba ta?

Anti Rabi Gaidans: Ni ce mai ba ɗalibai shawara a makarantarmu, ta 'yan mata ce ita ma. Malama, ki tambayi kanki a kowane shafi, wa ake ce wa ya yi, kuma zai iya yi a satin nan? Shafin da amsarsa liman ce ko waliyyi, ba na wannan ajin ba ne. Abin da ke hannun yarinya kaɗan ne amma na gaske. Ta san jinotaif ɗinta, ta hanyar tambayar iyayenta su kai ta. Ta san cewa ba a canza shi, ba ya kuma sauyawa. Ta san abin da za ta yi wa ƙawarta mai sikila: ta tuna mata shan ruwa, kada a matsa mata a wasan motsa jiki ko aikin share fili cikin rana, a ba ta wuri nesa da taga lokacin hunturu, in ta ce ƙashinta na ciwo ko jikinta ya yi zafi a kira malama nan take, kada a ce lalaci ne. Wannan shafin ba ya cikin na manya, sai kin rubuta shi sabo, kuma ina ganin shi ne zai fi zama a ransu.

Aure kuwa kada ki ce ba za ki ambata ba, za su gane kina kewaye-kewaye. Kalmar kawai za ki sauya. "Ma'aurata" ta koma "uwa da uba". "Kafin ku yi aure" ta koma "tun kafin maganar aure ta taso". Ta farkon za ta sa su sunkuyar da kai suna ƙyalƙyala, ta biyun tana ba su sarari. Kuma ki nuna wa firinsifal shafukan kafin ranar, domin abin da kika faɗa a aji da yamma yana tsakar gida arba'in.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, kada ki ce wadda ta san nata ta ɗaga hannu. A taron manya ana yi, a aji kuwa kin raba musu sunayen tsokana har su gama makaranta. Ki raba 'yan takardu su rubuta tambaya ba suna, a tara a kwali.

Bashir Dorayi: Anti Rabi to me zai hana a tafi da masu gwajin a yi musu a wurin gaba ɗaya?

Anti Rabi Gaidans: Bashir, yawancinsu ba su kai 18 ba, sai da yardar iyaye. Kuma sakamakon da aka miƙa a aji ba sirri ba ne, kafin a tashi kowa ya leƙa na kowa.

Hadiza Nas: Na dawo da labari. Na mayar da shafukan 11, na sa ledar Malam Sabo a tsakiya na ba ta minti 12. Da daddare na zaunar da 'yar yayata da ƙawayenta biyu, duka 'yan SS2, na bi da su. Ban tambaye su ko sun gane ba, don na san za su ce eh. Cewa na yi kowace ta faɗa mini da bakinta kamar tana gaya wa ƙanwarta. Lissafin ledar ya zauna daram, ɗaya ma har ta ce ashe kamar jefa kwabo ne, ba ya tuna na baya. Amma 'yar yayata ta ce, Anti, wato mai AS in ba ta kula da kanta ba sai ta koma SS? Na bi na gano daga ina ta samo. Na rubuta a wani shafi "AS ba ta kai SS ba". Kalmar "kai" ce ta sa ta ga kamar tsani ne ana hawa, kamar daga SS1 zuwa SS2. Na goge na sa "Da harafin da aka haife ki da shi za ki rayu. AS ba ta zama SS, SS ba ta zama AS."

Ɗayar kuma ta ce nata AC ne, ba ta ga kanta a ko'ina ba. Malam, in ƙara shafi?

Malam Sabo Bayoloji: Kada ki ƙara shafi, ki ƙara marfi. Ki riƙe guda ɗaya mai C a aljihu. In aka tambaya, kuma za a tambaya, ki cire S daga ledar uba ki sa C, su zara su gani da idonsu cewa AS da AC za su iya haifar SC, wadda ita ma nau'in sikila ce. Minti biyu ya ishe ki. Kuma shafi 11 ɗin nan ki rubuta manyan jimlolinsa a kwali ki tafi da su, ban yarda da wuta ba ranar taro.

Dakta Umar: Jimlar haɗarin fa, Malama?

Hadiza Nas: Na rubuta ta iri biyu, Dakta. Ɗaya ta ce "ciwo ne mai haɗari in ba a kula da shi ba", ɗayar ta ce "ciwo ne mai tsanani, amma da kulawa ana karatu ana aiki da shi". Hajiya Maman Ummi, in ba damuwa, zan turo miki su ta gefe tare da shafin Anti Rabi. In Ummi ta yarda ta karanta, ina so in ji wacce za ta iya zama a aji a haska ta.

Maman Ummi: Turo. Ta tafi islamiyya, in ta dawo bayan Magariba zan nuna mata, amma ba zan matsa mata ba.